Faifai da allura: yadda turne-diski yake fitar da waƙa

In makaɗi ya bugi ganga, fatar gangar tana rawa. Wanda ya zuba ƴan tsabar gero a kanta zai ga suna tsalle. Rawar fatar tana tura iska, iskar ta shiga kunne, sai a ji kiɗi. Haka kowane sauti yake: girgiza ce. Kakkaurar murya, irin ta tambari, girgizarta a hankali take. Siririyar murya, irin ta sarewa, girgizarta da sauri take. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza tun daga wajen 20 har zuwa wajen 20 000 cikin sakan ɗaya.

Girgiza ba ta zama. Da an daina kiɗi sai ta mutu. To, yaya za a adana ta? Dabarar da aka samo ita ce a sa girgizar ta bar sawu, kamar yadda maciji yake barin sawu a kan rairayi. In wani abu ya sake bin sawun nan, zai yi lanƙwasar da macijin ya yi. Faifan garmaho sawun murya ne, allura kuwa ita ce mai bin sawu.

Wani Ba'amirke mai suna Thomas Edison ne ya fara adana murya da maido ta, cikin 1877. Shi a jikin wani abu mai siffar gwangwani ya zana sawun. Cikin 1887 Emile Berliner ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe da injin da ya raɗa ma suna giramofon. Daga nan Hausa ta samu kalmar garmaho. Ta kuma ce ma abin faifai, don ya yi kama da faifan da ake rufe ƙwarya da shi.

Tsagar da ke kan faifai

In aka duba faifai a wurin haske, za a ga kamar zobba masu yawa, wani cikin wani. Amma ba zobba ba ne. Tsaga ce guda ɗaya tak a kowace fuska. Ta faro daga baki, ta yi ta kewayawa tana matsowa ciki, kamar ɗinkin faifan kaba, har ta kai kusa da takardar da ke tsakiya. Faɗinta bai wuce kaurin gashin kai ba. Cikinta yana da bango biyu da suka haɗu a ƙasa, kamar harafin V.

Ido yana ganin tsagar sumul, amma ba haka take ba. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma, tana karkacewa dama da hagu. Inda aka yi kiɗi da ƙarfi, karkacewar tana da faɗi. Inda aka yi siririyar murya, lanƙwasar ƙanana ce, a matse. Shi ya sa mai lura yake gane wurin da waƙa ta yi sanyi tun bai saurara ba, don hasken faifan a wurin ya bambanta.

Wajen yin faifai, wata ƴar kurfi mai kaifi ce take yanka tsagar a kan faifai mai taushi, tana rawa daidai da waƙar. Daga wannan ake fitar da hatimi na ƙarfe. Sai a ɗora curin roba mai zafi, wadda ake ce ma binil, tsakanin hatimi biyu, a matse. Da ta huce, faifai ya samu, fuska biyu gaba ɗaya.

Tun wajen 1958 ana sayar da faifai masu murya biyu, wato siteriyo. A cikinsu kowane bangon tsaga yana ɗauke da nasa sawu. Bangon da ke wajen tsakiya na lasifikar hagu ne, wanda ke wajen baki na lasifikar dama. Allura ɗaya ce take karanta duka biyun, tana motsi gefe da gefe, da kuma sama da ƙasa.

Tsawon tsagar nan abin lissafi ne a aji. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi cikin minti ɗaya. In fuska ɗaya ta yi minti 20, ya juya wajen sau 667 ke nan. Kewayen farko, na baki, ya kai santimetir 92. Na ƙarshe, na ciki, wajen santimetir 38 ne. Tsaka-tsakinsu 65. In aka ninka 667 da santimetir 65, za a samu fiye da metir 430. Wato kafin a juya faifai, allura ta yi tafiyar da ta fi tsawon filin ƙwallo sau huɗu.

Akwai wani abu cikin wannan lissafi. Lokacin kewaye ɗaya ba ya sakewa: sakan 1,8 ne, ko a baki ko a ciki. Amma a baki tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun wajen santimetir 51 a sakan, a ciki kuwa wajen 21 kawai. Muryar da ke girgiza sau 440 a sakan tana samun fili fiye da milimetir ɗaya ga kowace lanƙwasa a baki. A ciki ba ta samun ko rabin milimetir. Lanƙwasa ta matsu, allura tana wahalar binta. Saboda haka waƙar ƙarshe ta kowace fuska ba ta cika fita tas kamar ta farko ba. Ba laifin mawaƙi ba ne.

Allura da kanta

Kowa zai iya gwada wannan. A naɗe takardar kaye kamar mazurari, a soke allurar ɗinki a siririn bakin. A sa fensir cikin ramin faifai, wani ya riƙa juya shi. A ɗora tsinin allurar cikin tsaga a hankali. Za a ji waƙa tana fita daga takardar, ƙasa-ƙasa. Babu kuran, babu pil. Allurar ce ta yi rawa, ta ba takarda, takarda ta ba iska. Haka garmahon da yake aiki, wanda ake wana shi da hannu. Amma kada a yi gwajin nan sai da faifan da ya riga ya lalace, don allurar ɗinki tana kankare tsaga.

Allurar turne-diski ba ta ƙarfe ba ce. Ɗan ƙanƙanin dutse ne mai tauri, ko daiman ko safir. An goge bakinsa ya yi kumburi, ba tsini ba, don kada ya taɓa gindin tsaga. Yana zaune ne a kan bangon nan biyu. An manna dutsen a bakin wani ɗan siririn tsinke, tsinken kuma ya shiga cikin ƴar akwati da ke ƙarshen hannun inji. Ita ake ce ma kan allura.

A cikin akwatin ne girgiza take komawa lantarki. A irin kan da aka fi samu a injuna masu kyau, akwai ɗan maganaɗisu a gindin tsinken. Kusa da shi akwai siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe. In maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yana tasowa cikin wayar. Haka dinamon keke yake kunna fitila. Allura ta bi lanƙwasa, tsinke ya motsa, maganaɗisu ya yi rawa, sai lantarki ya taso yana ƙaruwa yana raguwa daidai da sawun waƙar. Ƙananan wayoyi huɗu ne suke ɗauke shi, biyu na hagu, biyu na dama. Suna bi ta cikin hannun inji su fita ta baya.

Akwai wani irin kai kuma, na saramik, wanda ake sa ma injuna masu araha da masu siffar jaka. Shi ba shi da maganaɗisu. Wani abu ne a ciki da ke fitar da lantarki in an lanƙwasa shi. Lantarkinsa ya fi yawa, amma yana bukatar a danna allura da nauyi, sau biyu ko fiye bisa na wancan. Yawanci allurarsa safir ce, wadda ke cinyewa bayan awa kamar 50. Ta daiman tana kai awa 500 zuwa 1 000. Wanda yake da faifai da yake ji da su, gara ya nemi kai mai maganaɗisu da allurar daiman.

Faranti da gudunsa

Aikin faranti ɗaya ne: ya juya faifai da gudun da aka yanka shi, ba ƙari ba ragi. In ya yi sauri, muryar dattijo sai ta koma ta yaro. In ya yi nawa, sai mawaƙi ya zama kamar mai jin barci. In kuwa gudun yana hawa yana sauka, muryar goge ko algaita sai ta riƙa lilo, wannan ma ya fi ɓata rai.

Gudu iri uku ne. Babban faifai, mai faɗin santimetir 30, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti. Kamfanin Columbia ne ya fito da shi cikin 1948, kowace fuska tana ɗaukar minti 20 ko ɗan fiye. Ƙaramin faifai, mai faɗin wajen santimetir 17, yana juyawa sau 45. Kamfanin RCA Victor ya fito da shi cikin 1949, galibi waƙa ɗaya a kowace fuska. Da yawa daga cikin ƙananan suna da babban rami a tsakiya, sai an sa musu ɗan zobe kafin su zauna daidai. Na uku shi ne tsohon faifan garmaho mai juyi 78. Shi ba na binil ba ne, yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran. Tsagarsa ta fi faɗi ƙwarai, don haka allurarsa dabam ce, mai kauri.

A wasu injuna, igiyar roba ce take haɗa injin juyi da faranti. A wasu, farantin yana zaune a kan injin juyin kai tsaye. Duka biyu suna aiki da kyau. Sai dai roba tana saki in ta tsufa, balle a ƙasa mai zafi.

Ba a bukatar wani ma'auni mai tsada don gane ko gudu daidai ne. A manna ƴar takarda a bakin faranti, a sa inji a kan 33, a duba agogo. Cikin minti uku cif, takardar za ta wuce sau 100. A kan 45, sau 45 cikin minti ɗaya.

Kuran ma yana da hannu a nan. Na Nijar wolt 220 ne, yana kaiwa da komowa sau 50 a sakan. Na Amirka wolt 120 ne, sau 60 a sakan. Injin da aka yi don Amirka zai ƙone in an cusa shi a bango haka kawai. Ko an samo na'urar rage wolt, akwai sauran magana, don wasu injunan juyi da kai da komon kuran suke auna gudunsu. Irin waɗannan, a nan, za su juya wajen sau 83 cikin minti uku maimakon 100. Saboda haka kafin a sayi tsohon inji, a karanta ƴar takardar da ke bayansa. A nemi inda aka rubuta 220 V ko 230 V, da 50 Hz.

Abin da mai farawa yake bukata

Lantarkin da kai mai maganaɗisu yake fitarwa kaɗan ne ƙwarai. In aka raba wolt ɗaya kashi dubu, shi kashi 3 zuwa 5 yake bayarwa. Pil guda na tocila wolt 1,5 ne, wato ya fi shi sau ɗari uku ko fiye. Wannan ba zai motsa lasifika ba. Sai an ƙara masa ƙarfi hawa biyu. Ƙaramin ampili ya fara ninka shi wajen sau ɗari, sa'an nan babban ampili ya karɓa ya tura lasifika.

Ƙaramin ampilin yana da wani aiki na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Kakkaurar murya tana son fili. Da za a yanka ta yadda take, tsaga za ta yi ta faɗin karkacewa, waƙa kaɗan ta cika faifai. Siririyar murya kuwa lanƙwasarta ƙanana ce, har ƙarar gogar allura tana iya rufe ta. Don haka masu yanka faifai suna rage kakkaurar murya da gangan, su ƙara siririya. Cikin 1954 kamfanonin Amirka suka daidaita a kan ƙa'ida ɗaya ta yin haka, ana ce da ita RIAA, sauran ƙasashe suka bi daga baya. A can ƙarshen kauri ana rage murya wajen sau goma, a can ƙarshen siranta ana ƙara ta wajen sau goma. Ƙaramin ampili shi yake warware wannan: ya maido da kauri, ya rage siranta. Garin rage siranta kuma sai ƙarar goga ta ragu tare.

Ke nan kayan farawa huɗu ne a jere: turne-diski da allurarsa, ƙaramin ampili, babban ampili, da lasifika biyu. Amma ba lalle su zama akwati huɗu ba. Tsofaffin ampili da yawa suna da ƙaramin a cikinsu. Alamarsa ita ce kafa a baya da aka rubuta ma PHONO. Sababbin turne-diski da yawa su ma suna da shi a ciki, da ɗan maɓalli a baya mai PHONO a gefe ɗaya, LINE a ɗaya gefen. Akwai kuma lasifikan da ke da nasu babban ampili. Abin kiyayewa shi ne ƙaramin ampili ya zama ɗaya a hanya. In babu ko ɗaya, murya ba ta fita sosai. In an bi ta biyu, wato an sa maɓalli a LINE kuma an cusa waya a kafar PHONO, murya za ta fashe, ta yi ta ɓaɓatu.

Bayan waɗannan sai ƙananan abubuwa: wayoyin haɗi masu kai ja da fari, ja na dama, fari na hagu, da buroshi mai laushi na share faifai, da tebur mai ƙarfi wanda bai karkace ba.

Misali: injin da aka gada

A ce wani saurayi a Maradi ya buɗe akwatin mahaifinsa. Ya tarar da turne-diski mai igiyar roba, da faifai talatin, cikinsu har da na Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos. Yana da rediyo babba mai lasifika biyu, da kafa a baya da aka rubuta ma AUX. Ya haɗa, ya ɗora faifai.

Waƙa ta fito, amma sai ya kai ƙarfin rediyo ƙarshe kafin a ji ta. Muryar mawaƙi ta yi siririya kamar ana magana cikin gwangwani, kauri duk ya ɓace. Ya ɗauka allura ce ta mutu. Ya kai ma mai gyaran rediyo a bakin kasuwa.

Mai gyara ya juya rediyon, ya duba baya, ya ce:

— Samari, allurarka ba ta yi laifi ba tukuna. A ina ka cusa wayar?

— A nan, Baba, inda aka rubuta AUX.

— To, kafar nan ta kaset ce da irinsu. Injinka kai mai maganaɗisu gare shi. Sai ka sa ƙaramin ampili a tsakani.

Aka sa. Murya ta cika, kalangu ya dawo da kaurinsa. Amma sai ga wani gurnani a ƙasa, uuuu, ba ya tsayawa ko an ɗaga allura. Wannan gurnanin kuran ne. Tun da ana ninka lantarkin allura sau ɗari, duk abin da ya shiga wayar shi ma sai a ninka shi. Mai gyara ya nuna wata siririyar waya ta uku da ke reto a bayan inji, mai kai kamar ƙaho biyu. Ya ɗaure ta a kusar da aka rubuta ma GND a jikin ƙaramin ampili. Gurnani ya yanke.

Sai matsala ta uku: allura tana tsallake. Wani da ke zaune a wurin ya ce a ɗora kuɗi a kan allurar, haka ake yi da. Gaskiya ne an yi haka da yawa, kuma faifai da yawa sun mutu ta haka. Galibin kawuna masu maganaɗisu nauyin garam 1,5 zuwa 2,5 suke so. Ƙwandalar dala ɗaya garam 3 ce, ta dala biyar garam 8. Wanda ya ɗora dala biyar a kan allurar da ke son garam 2, ya maida nauyinta 10, ninki biyar. Garam 10 ba kome ba ne a tafin hannu. Amma duk nauyin a kan ɗigo biyu yake sauka, waɗanda ido ba ya gani. Kowane sauraro sai ya ɗan shafe ƙananan lanƙwasa, kuma abin da ya shafe ba ya dawowa.

Rashin nauyi ma ɓarna ne. Allurar da ba ta zauna sosai ba tana karo da bangon tsaga, tana farfasa shi. Ana gane ta da kakkaryewar murya inda mawaƙi ya ɗaga sauti.

Ga yadda mai gyara ya daidaita nauyin. Takardar kan allurar ta ce garam 2. A gindin hannun inji akwai wani curin ƙarfe mai juyawa, da zobe mai lambobi a gabansa. Hannun kamar sikeli yake: kai a gaba, curi a baya. Ya fara maida ɗan maɓallin da aka rubuta ma ANTI-SKATING a kan sifiri. Ya juya curin a hankali har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba. A nan nauyin allura sifiri ne. Ya riƙe curin, ya juya zoben kawai, har 0 ya zo daidai da layin da ke kan hannu. Sa'an nan ya juya curin da zoben tare, suna matsowa gaba, har 2 ya zo kan layin. Daga ƙarshe ya maida ANTI-SKATING a kan 2 shi ma. Amfanin wannan maɓalli shi ne, faifai in yana juyawa yana jan hannu zuwa tsakiya, allura ta fi danna bango ɗaya. Maɓallin yana ɗan ja da ita waje don bangon biyu su raba nauyi.

Tsallake ya daina, sai a faifai guda. Shi wannan, kowane kewaye sai a ji ƙas, ƙas, a wuri ɗaya. Suka duba agogo: sakan biyu ba kaɗan tsakanin ƙas da ƙas, wato kewaye ɗaya. Ƙarar da ke dawowa daidai da kewaye, karce ne a jikin faifai, ba ciwon inji ba. Wannan ba shi da magani.

Saura abu ɗaya. Wani dattijo da ya san waƙar ya ce muryar Shata ta yi nauyi, ba haka take ba. Aka manna takarda a faranti, aka ƙirga: 94 cikin minti uku. Takardar bayan inji ta ce 220 V, 50 Hz, don haka ba kuran ba ne. Mai gyara ya ɗaga faranti, ya tarar igiyar roba ta saki, tana sulɓi. Ya goge sandar injin juyi, ya sa sabuwar igiya mai tsawo da faɗi irin na tsohuwar. Aka sake ƙirgawa: 100.

Duk da haka ya ce a sayi sabuwar allura. Ba wanda ya san awa nawa tsohuwar ta yi. Allurar da ta cinye tana yin gefe mai kaifi kamar aska, ta riƙa fere tsaga. Alamarta ita ce harafin s ya riƙa fita da tsaki, murya ta dushe, musamman a waƙar ƙarshe. Allura ana sake ta. Faifan Shata na wancan zamani kuwa, in ya lalace, samun wani sai an sha wuya.

A gida, saurayin ya ɗora inji da lasifika a tebur ɗaya. Da ya ƙara murya sai wani kuka ya taso, yana ƙaruwa. Lasifika ce take girgiza tebur, tebur ya girgiza faifai, allura ta ɗauka waƙa ce ta sake aika ma lasifika. Ya sauke lasifikan daga tebur, kuka ya tsaya.

Rana da ƙura

Kaset ya kori faifai daga kasuwanni cikin shekarun 1980, daga baya wayar hannu ta kori kaset. Amma ba a daina buga faifai ba. Kiɗan da Mamman Sani ya ɗauka a Yamai cikin 1978 a kaset ya fara fita. Cikin 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amirka ya buga shi a faifai. Sabo ko tsoho, maƙiyan faifai a ƙasar Hausa biyu ne.

Na farko zafi. Binil roba ce, da zafi aka matsa ta, da zafi kuma take lanƙwashewa. A Tawa ko Damagaram, cikin Afirilu da Mayu, zafin inuwa yana wuce digiri 40. Faifan da aka bari a rana, ko cikin mota a rufe, ko a saman kabad dab da rufin kwano, zai kandare kamar tsohuwar fata. In ya kandare, hannun inji sai ya riƙa hawa da sauka kamar jirgin ruwa. A ajiye faifai a tsaye, kamar littattafai, kowane cikin rigarsa, a ɗakin ƙasa mai sanyi. Kada a jibga su a kwance, kada kuma a bar su a jingine a karkace.

Na biyu ƙura. Da hunturu iska ta bushe, faifai yana jan ƙura kamar yadda biro da aka goga a gashi yake jan gutsattsarin takarda. Ƙwayar rairayi da ido ke renawa, a cikin tsaga dutse ce a kan hanya. Allura ta yi karo da ita, a ji tas, wani lokaci ma ta nitsar da ita cikin roba. Don haka a share faifai da buroshi kafin kowane sauraro, ana bin kewayen tsaga, ba a ƙetare ta ba. A riƙe shi ta baki da ta takardar tsakiya, don maiƙon yatsa yana kama ƙura. In ya yi datti sosai, a wanke shi da tataccen ruwa da tsumma mai laushi, kada ruwa ya taɓa takardar, a bari ya bushe a inuwa. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin farin gari cikin tsaga. Tsohon faifai mai juyi 78 kuwa, kada alkol ya kusance shi, yana narkar da shi.

Allura ita ma tana tara ƙura, har ta yi ɗan gemu. In murya ta dushe farat ɗaya a tsakiyar waƙa, a fara duba nan. A share ta da ƙaramin buroshi, daga baya zuwa gaba, yadda faifai yake wucewa ƙarƙashinta. In aka share ta daga gefe, tsinken yana iya lanƙwashewa. Ba a taɓa ta da yatsa. In an gama sauraro, a maida hannun inji mazauninsa, a ɗaure shi, a rufe inji da murfinsa ko da zane.

Aiki

1. Ƙaramin faifai mai juyi 45 yana ɗauke da waƙar minti 4. Sau nawa zai juya kafin waƙar ta ƙare?

2. An ƙirga juyin faranti cikin minti uku, an samu 83. Me za a fara dubawa a bayan injin?

3. Allura tana son garam 2. An ɗora mata ƙwandalar dala ɗaya. Garam nawa take dannawa yanzu?